Na gama Wuthering Heights, babu mutum ɗaya a cikinsa da nake so, amma na kasa ajiye shi

Jama'a, wannan sharhin na littafin Wuthering Heights ne na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847 da sunan aro na Ellis Bell, shi kaɗai ne littafin labarin da ta rubuta, ta rasu a 1848 tana da shekara 30. Abin da ya sa na karanta shi har ƙarshe ba soyayyar da ake ta zuzutawa ba ce, so nake na gane wani abu da ya daɗe yana damuna a matsayina na mai karatu: wai shin labari zai iya yin daɗi idan duk mutanen cikinsa haushinsu kake ji? Amsata ita ce e, zai iya, wannan ma ya yi, amma da sharaɗi, kuma akwai wajen da littafin ya kusa kuɓuce min saboda ya saki sharaɗin. Akwai tona labari a ƙasa fa, wanda bai karanta ba ya sani.

Bari na fara da su waye mutanen, don kar a ce zuƙi nake. Heathcliff mugu ne na gasken gaske, ya rataye karen yarinyar da zai gudu da ita ya aura, Isabella, ita kuma ta gani da idonta amma ta bi shi. Catherine Earnshaw son kanta ya yi yawa, tana son Heathcliff amma ta auri Edgar Linton don kuɗi da matsayi, kuma tana ganin ya kamata su biyun su haƙura su zauna a haka saboda ita. Wanta Hindley mashayi ne ɗan caca. Edgar sanyinsa har ya yi yawa ga raina na ƙasa da shi. Joseph tsohon bara ne mai wa'azi da baƙar zuciya, kowa ɗan wuta ne a wajensa sai shi. Hatta masu ba mu labarin ba su tsira ba, Lockwood, baƙon da ya kama haya, a babi na 3 ya yi mafarkin wata yarinya ta riƙe masa hannu ta taga tana roƙon ya bar ta ta shigo, shi kuwa ya kama hannunta yana gogawa a fasasshen gilashi har jini. Wannan shi ne mutumin kirkin da ya buɗe mana littafin.

To me ya riƙe ni? Na zauna na yi tunani sosai, sai na ga abu na farko shi ne marubuciyar ba ta taɓa nuna min mugunta ba tare da ta nuna min inda aka shuka ta ba. Dubi Hindley. Babansu ya tafi Liverpool ya yi alƙawarin tsaraba, goge ga Hindley, bulalar doki ga Catherine, sai ga shi ya dawo da wani yaro da ya tsinto a titi, wato Heathcliff, gogen ya farfashe a cikin rigarsa, bulalar ta ɓata. Tun daga daren nan yaron ya zama abin ƙi a gidan, kuma uban ya zo ya fifita shi a kan ɗan cikinsa. Da uban ya mutu Hindley ya gaji gida, sai ya hana Heathcliff karatu ya mai da shi ɗan aikin gona. Heathcliff ya ɓace shekara uku ya dawo da kuɗi, ya zauna yana ba Hindley bashi a wajen caca har gidan ya koma hannunsa, sannan ya ɗauki Hareton ɗan Hindley ya yi masa daidai abin da aka yi masa, ya tashe shi ko sunansa bai iya karantawa ba. Kun ga babu wanda na so a cikinsu, amma duk wanda ya ɗaga hannu zai mari wani na san marin da shi ya sha a baya. Sanin nan bai sa na yafe musu ba ko kaɗan, abin da ya yi shi ne ya sa ina jiran abin da zai biyo, domin wanda ya shuka iska ai ka san guguwa na tafe, sai dai ba ka san ta wace kusurwa ba.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi girma a wajena, kowa a cikinsu akwai abin da yake so da zafi, kuma na san mene ne. Babi na 8 da na 9 su ne inda na tabbatar da haka, bari na ɗan tsaya a kansu. Edgar ya zo zance wajen Catherine, Nelly mai aikin gidan ta ƙi fita daga ɗakin, sai Catherine ta mintsine ta a hannu a ɓoye, da Nelly ta yi ƙara ta ce ƙarya take, ta kuma mare ta, ta kama ƙaramin Hareton tana jijjigawa, Edgar ya zo zai ƙwaci yaron shi ma ya sha mari. Ya tashi zai tafi, ya kai tsakar gida, ya waigo, ya dawo. A ranar ya nemi aurenta ta amsa. Wallahi a wajen nan ban san wanda ya fi ba ni haushi ba tsakaninsu, amma ban iya ɗaga ido daga shafin ba, don na ga mutum ya ga halin mace ƙiri-ƙiri kuma ya zaɓa da kansa. Da daren nan Hindley ya shigo a buge, Hareton ya suɓuce masa daga saman bene, Heathcliff da ke wucewa ta ƙasa ya cafe yaron ba tare da ya yi tunani ba, da ya ɗaga kai ya ga ɗan maƙiyinsa ya ceta sai baƙin ciki ya rufe shi. Wannan ɗan wajen kaɗai ya gaya min komai game da shi, jikinsa ya yi alheri kafin zuciyarsa ta hana. Can anjima Catherine na gaya wa Nelly cewa auren Heathcliff zai zubar mata da daraja, shi kuma yana bayan benci yana ji, ya sulale ya fita bai tsaya ya ji sauran ba, inda take cewa shi ne ranta. Nelly ta ga fitarsa, ba ta faɗa mata a take ba.

Nelly ɗin nan ita ce dabarar da ta fi burge ni. Da farko za ka ɗauka ita ce mai hankalin littafin, wadda za ka jingina da ita. Sai a hankali ka lura hannunta na cikin kusan kowace ɓarna. Lokacin da Catherine ta kulle kanta a ɗaki kwana uku, Nelly ta yanke cewa shagwaɓa ce, ba ta gaya wa mijin yadda abin ya yi tsanani ba sai da ciwo ya ci ƙarfinta. Kuma ita ke ba da labarin, tana wanke kanta tana tafiya. Wannan ya ba ni aiki, ina karatu ina tace maganarta, ina tambayar kaina anya haka aka yi kuwa. Mai karatun da aka ba shi aiki irin wannan ba ya buƙatar wanda zai so, hankalinsa ya riga ya samu abin yi.

Yanzu inda littafin ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Catherine ta mutu a babi na 16, littafin kuma babi 34 ne, wato saura fiye da rabi. Daga nan labari ya koma kan 'ya'yansu, sai aka kawo Linton, ɗan Heathcliff da Isabella. Yaron nan mara lafiya ne mai mita da kuka da tsoro, babu abin da yake nema a duniya sai a ƙyale shi ya huta. Babukan da ƙaramar Cathy, 'yar Catherine da Edgar, ke zarya wajensa da rubuce-rubucen wasiƙu sun yi min nauyi ƙwarai, ina ƙirga shafukan da suka rage. Kuma abin lura, Linton bai kai ubansa mugunta ba ko kusa. Heathcliff na ƙi shi amma ina son na ga me zai yi, Linton kuwa ko ya rayu ko ya mutu duk ɗaya a wajena, kuma wannan halin ko-in-kula ɗin shi ne ke kashe labari. Sai da Heathcliff ya yi amfani da shi ya yaudaro Cathy ya kulle ta a gida don a tilasta auren, alhali babanta na can yana kwance rai a hannun Allah, sannan na dawo cikin littafin, saboda yanzu ga wata mai son abu da zafi, tana son ta ga ubanta kafin ya cika, ga kuma wanda ya tare ƙofa.

Shi ya sa in kana tsakiyar wani littafi duk mutanen sun ishe ka kana shawarar ko ka ajiye, ga yadda ni nake gwadawa yanzu. Ka rufe shi ka ɗauki mutum biyu da suka fi ba ka haushi, ka gwada faɗin abin da kowannensu ke nema da abin da zai rasa in bai samu ba. In ka iya faɗa nan take, har kana hasashen abin da zai aikata a babi na gaba, ci gaba da karatu, haushin nan naka alama ce marubucin ya kama ka. In kuwa ka ga kana haɗa sunayensu, ko muguntar tasu iri ɗaya ce daga shafin farko ba ta canza kowa ba, babu wanda ta ci wa wani abu, to ba halinsu ne matsalar ba, ginin ne bai yi ba.

Akwai gaskiya ɗaya kuma da dole na faɗa, ita kanta Emily Brontë ba ta tafi da abin har ƙarshe ba. A babukan ƙarshe ta sassauta, Cathy wadda ta daɗe tana yi wa Hareton dariyar jahilci ta dawo tana koya masa karatu, shi kuma Hareton shi kaɗai ne ya yi kukan mutuwar Heathcliff da gaske duk da abin da ya yi masa. Wasu za su ce ashe ke nan akwai wanda ake so. Ni dai ban kai ga son su ba, tausayi ne, kuma ya zo a makare, abin da ya ɗauko ni tun daga farko har zuwa nan ba su ba ne.

Ga mai niyyar karantawa, Turancinsa tsoho ne, maganar Joseph kuma da karin harshen Yorkshire aka rubuta ta, har yayar marubuciyar Charlotte sai da ta ɗan sauƙaƙa ta a bugun 1850, don haka a nemi bugu mai bayani a ƙasan shafi ko a baya. Sunaye ma suna rikitarwa, Catherine biyu ne, Linton sunan dangi ne kuma sunan yaro ne, gara ka zana wa ya haifi wa a takarda tun daga babi na 4. Wanda kuma ke neman labarin soyayya mai sanyaya rai kar ya ɗauka, zai ɓata masa rai ne kawai. Ni na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan da na cire na babukan Linton ne.