Katin auren ƴata: takarda mai kyau, amma kwanan wata da lokaci sun ba ni wahala

Shekara ashirin da ƴan kai na yi ina rubuta kwanan wata a saman allo kowace safiya kafin yara su zauna, don haka duk abin da aka buga da Faransanci, kwanan watan nake fara dubawa. Shi ya sa abin da ya faru tsakanina da wani wurin buga kati a nan Maraɗi ya tsaya mini a rai har yanzu. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Masu kai aiki wajen kasuwa sun san irinsu, kuma kuɗin da suke karɓa ba ɓoyayye ba ne.

Auren ƴata ta biyu ne. Mun tsayar da Asabar, 1 ga Fabrairu 2025, a yi fatiha da ƙarfe takwas na safe, walima kuma ƙarfe huɗu da rabi bayan la'asar. Saboda tsofaffin abokan aikina na makaranta da mutanen ofis ɗin angon, sai muka ce a buga katin da Faransanci kamar yadda aka saba. Na rubuta komai da hannuna a takarda, na kai, na zaɓi zane mai ruwan zinare a gefe, na ba da rabin kuɗi. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, irin wannan kullum muke yi."

Bayan kwana biyu ya turo mini samfurin a waya. Ga abin da na gani a layin walima: Samedi le 1 Février 2025 à 4:30 PM. Takardar da na rubuta da hannu ko kallonta bai yi ba. Wani tsohon kati na Turancin Ingilishi ya ɗauko, ya riƙa cire kalma yana saka ta Faransanci a gurbinta, shi ya sa layin ya fito da tufafin Faransanci amma ƙashinsa na Ingilishi.

Na kira shi, na bi masa layin dalla-dalla. Na fara da lamba ɗaya, domin ita ce wadda ko masu digiri suke tuntuɓe a kanta. A Faransanci, ranar farko ta wata ita kaɗai ake kira da "ta farko", wato le premier, kuma a rubuce ana sa 1er. Daga biyu ga wata har ƙarshensa lambar ƙirga ce kawai: le 2 février, le 3 août, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, le 18 décembre, ranar Jamhuriya. Ba a cewa "ta biyu" ko "ta uku" yadda masu Ingilishi suke yi. To amma idan ɗaya ga wata ne, ba a barin 1 tsirara. Kowa a ƙasar nan ya san ranar ma'aikata da le premier mai, ban taɓa jin wanda ya kira ta da wata lamba ba. Na ce masa, "Ɗana, yadda bakinka yake faɗar ta ma'aikata, haka hannunka zai rubuta wannan."

Sai maganar babban baƙi. Sunayen watanni da na ranakun mako a Faransanci sunaye ne na gama-gari, da ƙaramin baƙi ake fara su: janvier, février, lundi, samedi. Mu a Hausar boko muna sa wa Fabrairu da Asabar babban baƙi, Ingilishi ma haka, shi ya sa hannu yake zamewa. Inda kawai za ka ga Samedi da babban baƙi shi ne idan ita ce kalmar da ta buɗe jimla ko layi. Watan kuwa, tun da yana tsakiya bayan lamba, ba shi da hujjar tasowa. Kalmar le ma a gaban sunan rana take zama, ba a bayansa ba, kuma ba a sa waƙafi ko wata kalma tsakanin rana da lamba da wata da shekara. Abin da ya kamata ya fito shi ne: le samedi 1er février 2025.

Na zo kan lokaci. Faransanci bai san AM da PM ba. A takardar gayyata ko ta ofis, ko jadawalin tashin mota, ana ƙirga awa daga tsakar dare har ashirin da huɗu. Daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa dare, sai ka ƙara wa awar sha biyu. Huɗu da rabi na yamma ya zama 16 h 30, da ƙaramin h, ba ɗigo a bayansa, da ɗan fili a kowane gefe. Fatihar safe kuma 8 h, shi ke nan. Ya ce ya gane, har ya maimaita mini, "A cire PM ɗin, a sa h." Na ce haka ne, ban lura cewa rabin maganar kawai ya riƙe ba.

Ranar da na je karɓa, kati ɗari biyu an riga an yanke, an ɗaure da roba. Na zaro ɗaya a nan gaban shago. Watan ya koma ƙaramin baƙi, alhamdu lillahi. Amma layin ya zama: le samedi 1ère février 2025 à 04h30.

Sai da na nemi benci na zauna. Ya cire PM kamar yadda ya ce, amma bai ƙara sha biyun ba, har ya sa sifili a gaba don abin ya yi kama da na hukuma. A tsarin awa ashirin da huɗu, 04h30 ba ta da wata ma'ana sai ƙarfe huɗu da rabi na dare, kafin a kira sallar asuba. Samfurin farko, duk da kurakuransa, aƙalla mutum zai gane yamma ake nufi. Wannan kuwa ya yi kama da daidai, alhali yana kiran mutane walima a lokacin sahur. Ga kuma 1ère, wadda ya ƙirƙiro da kansa. Premier namiji ne, gajartarsa 1er. Ta mace, première, gajartarta 1re, kuma ba ta da wurin zama a kwanan wata ko kaɗan. Da ma ya bar 1 ɗinsa da ya fi sauƙin yafewa.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Saura kwana tara biki, uwar yarinya tana jiran kati ta raba wa ƙawayenta. Mai shagon ya fito daga ciki, dattijo ne mai natsuwa, ya karɓi katin ya karanta, bai yi gardama ko ɗaya ba. Ya ce, "Mushe, laifinmu ne, a yi haƙuri. Zauna nan kusa da shi, abin da ka ce shi zai buga." Na zauna, yaron yana dannawa ina kallon gilashin kwamfutar, har ya ɗaga ƙananan baƙaƙen er ɗin sama kaɗan yadda ake yi a littafi. Washegari da hantsi aka kawo mini sabbin kati ɗari biyu har gida, ba a ƙara mini ko dala ba. Takardar mai kauri ce, ruwan zinaren bai kankare ba ko da na goga da yatsa. A ranar, da wani ya tambaye ni, da na ce ya kai aikinsa can ba fargaba. Mutumin da ya ɗauki asarar takarda da tawada ba tare da ya ɗaga murya ba ya cancanci a faɗi alherinsa.

To amma sai daga baya na gano abin da ya sake tayar mini da ɓacin ran. Ashe tun kafin in je karɓa, yaron ya tura wa ƙanin angon hoton katin mai 04h30, shi kuma ya watsa a cikin dangi. Ba wanda ya tambaye ni. Kati na takarda ana iya tarawa a ƙona, amma hoton da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Kwana uku ina amsa kira. Wani tsohon daraktan makarantarmu ya kira daga Zinder ya ce, "Malam, wannan huɗu da rabin fa? Ko wani sabon tsari kuka fito da shi?" Ya san kuskure ne, kuma ya san aikina, shi ya sa kunyar ta fi yi mini nauyi. Wata gwaggon yarinyar kuwa ta ɗauka fatihar ce aka mayar bayan asuba, ta kwana da shirin fita da duhu. Wurin da yake buga takardun mutane bai kamata ya saki samfuri ba sai mai shi ya gani ya ce to. Wannan ba laifin rashin sanin Faransanci ba ne, sakaci ne, kuma mai shagon bai taɓa kira ya ba ni haƙuri a kansa ba, ko da yake na aika masa saƙo.

Akwai abu ɗaya da ni ma na koya, ba daga shagon ba. Ƴan'uwanmu na Katsina da Jibiya, da suka ga 16 h 30 a katin da aka gyara, biyu daga cikinsu shida da rabi suka karanta, domin idonsu ya tsallake ɗayan ya sauka kan shida. Agogonmu da nasu ɗaya ne, ba bambancin awa, amma su ba su saba da wannan ƙirgar a katin biki ba. Ko a baki ma, seize heures da six heures suna iya rikita kunnen da bai saba ba, balle a waya. Sun iso ana shirin magariba, an fara kwashe kwanuka. Da na sani, da na sa an ƙara layi ɗaya da Hausa a ƙasa: ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar. Mai buga katin da yake aiki a gari irin Maraɗi, inda da wuya ka samu gidan da ba shi da dangi a tsallaken iyaka, ya kamata a ce shi ne ya ba ni wannan shawarar.

Ƙaramar ƴata ma an fara maganar aurenta. Wataƙila in koma wurinsu saboda takardar da kuma halin dattijon nan, amma ba zan ƙara gyara musu kwanan wata ta waya ba. Zan ja kujera in zauna, in ga 1er ɗin da awar da idona, kuma tun farko zan ce wa yaron kada hoto ya fita daga kwamfutar nan sai na sa hannu a samfurin.