Nauyin da ya ragu ko naitirojin da ke ciki: wanne za a bi a jakar ruɓewa?

"Na shimfiɗa jakunkunan raga, kowace da giram 10 na busasshen ganye. Bayan kwana 180 saura giram 6, amma naitirojin ya tashi daga kashi 0.8 zuwa 1.6 cikin ɗari. Kuskuren awo ne? Kuma da wanne zan yi rahoto, nauyi ko naitirojin?"

Ɗan'uwa, da wuya ya zama kuskure. Awo biyu ne, kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma ba sa tafiya tare.

Nauyi labarin kabon yake ba ka, tunda kusan rabin busasshen ganye kabon ne. An saba fitar da saurin ruɓewa da lissafin da Olson ya yaɗa a 1963:

```
k = -ln(Mt / M0) / t
```

A nan k shi ne saurin ruɓewa, M0 nauyin farko, Mt nauyin da ya rage, t kuma lokacin da ya wuce a shekaru. A naka, 6 bisa 10 ya ba da 0.6, kwana 180 kuma 0.49 ne na shekara, sai k ya fito wajen 1.04 a shekara. Ka raba 0.693 da wannan, za ka ga rabin ganyen zai tafi cikin wata takwas. Amfanin wannan awo sauƙi ne: sikeli da tanda sun ishe ka, kuma lamba ɗaya ce da za ka jera da ta wani. Rauninsa shi ne yana ɗauka cewa saurin bai canzawa, alhali a makonnin farko ruwa na wanke sukari da sauran abubuwa masu narkewa, daga baya a bar liginin, sinadarin da ke taurara itace, mai taurin kai. Da ɗiba ɗaya ba za ka ga haka ba. Ka ɗebo sau biyar ko shida, ka matso da na farko kusa da juna.

Awon naitirojin kuwa ba a karanta shi da kashi cikin ɗari kaɗai, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai ka ninka kashin da nauyin da ya rage. Da farko giram 10 sau 0.8 cikin ɗari, miligiram 80 ke nan. Yanzu giram 6 sau 1.6, miligiram 96. Wato ganyen ya rasa kashi 40 na nauyinsa, amma ya ƙaru da miligiram 16 na naitirojin daga waje.

Daga ina? A ce kabon ɗin ganyenka kashi 45 ne, to C:N ɗinsa, wato kabon bisa naitirojin, wajen 56 ne. Jikin ƙananan halittun da ke cinsa kuwa yana kusa da 8 zuwa 10, kuma mafi yawan kabon da suka ci numfashi suke fitar da shi. Abincin ya yi musu ƙarancin naitirojin, sai zaren naman gwari ya miƙa cikin ƙasa ya jawo wanda ke can. Shi ya sa ake sa ran ganye ya riƙe naitirojin idan C:N ya haura 30, ya sake shi kuma idan ya gaza 20, kodayake yawan liginin da tanin na iya jinkirta sakewar. Da ganyen dangin wake ka zuba, mai naitirojin kashi 3, da wataƙila tun makonnin farko za ka ga miligiram ɗin na sauka tare da nauyi.

Abu ɗaya ke iya ruɗin awon biyu lokaci guda, wato ƙasar da ta shiga jaka. Tana ƙara nauyi, k ya yi ƙasa, kuma tana zuwa da nata naitirojin. Ka ƙona ɗan samfuri a digiri 500 zuwa 550 na Salshiyas, ka cire nauyin toka. Idan tokar ta ɗaga sosai fiye da ta ranar farko, ka gyara lissafin kafin ka yarda da miligiram 96 ɗin nan. Ka kuma rubuta faɗin ragar, domin ta milimita 1 tana hana tana da manyan ƙwari shiga, mai faɗi kuma tana zubar da ɓarɓashi.

Ni dai ba zan miƙa k shi kaɗai ba. Giram 4 da suka ɓace ba duka ne suka zama iskar kabon ba. Wani ya narke ya gangara, wani ya karye ya faɗa ƙasa, wani ya zama gawar ƙananan halittu da ke manne wa yumɓu ta daɗe. Jaka ba ta rarrabe waɗannan, sai an haɗa da awon numfashin ƙasa ko ganye mai alamar 13C da 15N, wato nau'o'in kabon da naitirojin da ake iya bin sawunsu. Ka zana naitirojin da ya rage a kan nauyin da ya rage, ɗiba bayan ɗiba. Inda layin ya kai ƙololuwa ya fara sauka, nan ganyenka ya daina karɓa ya fara ba ƙasa, kuma a naka na kwana 180, ɗiba ta gaba ce za ta nuna ko ya kai wurin.