Hashtag ko kalmomin bincike: wanne zai kawo wa mai lalle 'yan Sakkwato?

"Assalamu alaikum. Ni mai lalle ce a Mabera. Ina ɗora bidiyo a TikTok da Instagram, ina sa #fyp #viral #arewa da wasu kusan goma sha biyar. Ana kallo sosai, amma masu yi mini magana duk daga Kano da Kaduna suke, har da Yamai. Wata ta ce in bar hashtag in koma kalmomin bincike. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wadda ta ba ki shawarar tana da gaskiya, sai dai ban yarda ki watsar da hashtag gaba ɗaya ba. Aikinsu ne ya bambanta.

Hashtag kamar layi ne a kasuwa. Idan kika shiga Babbar Kasuwa, layin 'yan atamfa daban, na masu kayan miya daban. Kina sa #lalle kin gaya wa manhaja layin da za ta ajiye bidiyonki, shi ke nan. Kalmar bincike kuwa ita ce abin da mace ke bugawa da hannunta a wurin Search ranar da buƙata ta taso: biki saura mako ɗaya, ba ta da mai yi mata ƙunshi, sai ta rubuta "mai lalle a sokoto". Wadda ta ci karo da ke ta hanyar hashtag yawanci 'yar kallo ce, ta yaba zane ta wuce. Wadda ta same ki ta bincike da kuɗinta a hannu ta zo.

To dubi layin da kika ajiye kanki. #fyp da #viral babu abin da suke faɗa game da lalle. Mai wasan barkwanci da mai tallan mota duk su suke sawa. #arewa ya ɗan fi su, amma faɗinsa ya kai daga Sakkwato har Maiduguri, kuma inda masu kallo suka fi yawa nan bidiyo ke gangarawa. Shi ya sa Kanawa suka cika miki akwatin saƙo. Da atamfa kike sayarwa da ba laifi, sai ki sa a mota. Lalle kuwa sai hannu ya zo gabanki, don haka kallon mace ɗari biyu daga Arkilla da Runjin Sambo da Gawon Nama ya fi miki kallon dubu ashirin daga nesa.

Ƙarfin hashtag ma ya ragu a kan da. A Disamban 2024 Instagram ta cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin mutum, kuma shugabanta Adam Mosseri ya sha faɗin cewa hashtag ba ya ƙara wa abu yaɗuwa ta a zo a gani. Tun 2021 shawarar da kamfanin ke ba masu ɗora bidiyo ita ce uku zuwa biyar. Goma sha biyar ɗinki wahala ce kawai.

A ɓangaren bincike ne nake so ki zauna ki yi aiki, don nan ne masu rubutu da Hausa ke yin asara ba su sani ba. Manhaja na neman kalmar a wurare kamar uku: bayanin da kika rubuta a ƙasan bidiyo, rubutun da kika ɗora a kan hoton bidiyon, da sunan shafinki. TikTok na kuma amfani da abin da aka furta, amma kada ki dogara da wannan, domin na'ura ba ta jin Hausa yadda take jin Turanci, balle Sakkwatanci. Duk abin da kike so a same ki da shi, ki rubuta shi.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Daidai rubutu shi ne ƙunshi, amma yawancin mata a waya "kunshi" suke bugawa, kuma #ƙunshi da #kunshi shafi biyu ne daban. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ce, amma a nan ki bi hannun masu nema: cikin jimla ki rubuta ƙunshi yadda ya dace, a hashtag ki sa marar lanƙwasa. Haka sunan gari. Da baki Sakkwato muke cewa, a waya kuwa Sokoto aka fi bugawa, to ki sa duka biyun, ɗaya a kan bidiyo, ɗaya a ƙasa. Ki kuma kiyayi kalma mai alamar ɗauri irin sana'a: a Instagram hashtag na yankewa a wurin alamar, sai ki tashi da #sana, wanda ba shi kika nufa ba.

Kada ki zauna kina ƙirƙiro kalmomi da ka. Buɗe Search a TikTok ki rubuta "lalle", ki dakata kada ki aika. Jerin da zai zubo a ƙasa abubuwan da mutane ke nema ne. Ki kwafe su a takarda, ki sake da "kunshi", da "lallen amarya", da "henna sokoto", tunda akwai ɗalibai da ma'aikata baƙi a gari da sunan Turanci kawai suka sani. Minti goma ya ishe ki. Abin da kika ga yana maimaituwa, shi ne kalmarki.

Mu ɗauki bidiyo ɗaya: kin yi wa amarya jan lalle da baƙi, hannu da ƙafa. A daƙiƙa biyu na farko ki ɗora rubutu a kan bidiyon: "Lallen amarya a Sokoto". A ƙasa kuma:

```
Lallen amarya, ja da baƙi, hannu da ƙafa. Mai ƙunshi a Mabera, Sakkwato. Ina zuwa har gida.
#lalle #kunshi #lallenamarya #sokoto #hennasokoto
```

Kin ga jimlar ta faɗi aikin, ta faɗi unguwa, ta faɗi ko kina fita. Hashtag ɗin biyar ne: uku na sana'a, ɗaya na gari, ɗaya ya haɗa biyun. Sannan ki gyara sunan shafi. Idan laƙabi ne kawai da hoton fure, ki ƙara "Lalle Sokoto" a gefensa, domin wurin suna ma ana bincika shi. In kin ga wurin saka wuri kafin ki ɗora, ki zaɓi Sokoto.

Inda hashtag ya fi kalmar bincike shi ne sauri a lokacin da gari ya ɗauka, kamar makon Sallah, sa'ad da kowa ke ɗora kwalliya a ƙarƙashin maudu'i ɗaya. Wannan kwana biyu ne ya wuce. Bincike a hankali yake tashi, amma bidiyo kan yi watanni ana samunsa. Saboda haka na lallen Sallah ki ɗora su tun tsakiyar azumi, ba daren jajibere ba da kowa ya riga ya kama layi.

Ina gaya miki tun yanzu don kada ranki ya ɓaci: adadin kallo zai iya sauka. Ki yi bidiyo shida zuwa takwas a haka cikin mako biyu, sannan ki shiga TikTok Studio, ki buɗe Analytics na kowane bidiyo, ki duba Traffic sources. Idan kason Search ya fara motsi, ko kaɗan ne, kalmomin sun kama. Idan bai motsa ba sam, ki canza kalmar kan bidiyon, ki bar sauran yadda suke, don ki gane abin da ya yi aiki. Duk wadda ta yi miki magana kuma, kafin ku kai ga farashi, ki tambaye ta unguwarsu da abin da ta rubuta har ta same ki, ki ƙara shi a takardar nan.