Baƙin ƙasan ido: gado ne, inuwa ce ko gajiya?

"Don Allah a taimaka, ƙasan idona ya yi baƙi, kullum sai an ce ko ba na barci ne. Wane mai zan saya? Saura wata 3 bikina."

Amaryarmu kar ki sayi komai tukuna, ɗauki madubi ki tsaya bakin taga da rana, ki wanke kwallin nan tas don wani lokacin shi ne ke zazzagowa. Sai ki sa yatsa ki ɗan ja fatar gefe a hankali.

In kin ja baƙin na nan daram, har fatar saman idon ma da shi, kuma kin duba Mama ko gwaggonninki haka suke, to launin fata ne na gado. Ko kwana za ki yi kina barci ba zai tafi ba, sai dai a rage shi. Man kariyar rana SPF 30 kullum da safe, da mai niyasinamaid ko bitamin C, ki ba shi wata 2 zuwa 3 kafin ki ce bai yi ba. Sosa ido na ƙara shi sosai, musamman da hunturu in ƙura ta taso.

Inuwa kuwa ba launi ba ce sam. Wurin ne ya ɗan loɓa tsakanin ido da kunci, shi ya sa in kin ɗaga fuska ta kalli haske sai ta ɓace, ƙarƙashin kwan lantarki ta dawo. Ƙanwata a Kongo ta jami'ar ABU Zariya take karatu, ta rame lokacin jarabawa, ta je Sabon Gari aka haɗa mata man bilicin. Kumatun suka yi jajir, ramin na nan, sai ma ya fi fitowa tunda kewayensa ya yi haske. Mai ba ya cike rami, sai kwalliya ta ɓoye shi ko likitan fata ya yi allurar ciko, wannan kuma ba aikin shagon kwalliya ba ne wallahi.

Na gajiya shi ne mai sauƙi, yau akwai gobe babu, ya fi da safe har da ɗan kumburi. Barcin awa 7 zuwa 8, ƙara filo, rage gishiri da dare, ki ɗora tsumma mai sanyi minti 10. In da jiri da haki ki je a auna jininki ko ya yi ƙasa.

Da yawa biyu ne ke haɗe musu fa. Haɗin masu amare dai kar ya matso idonki, galibi akwai sitiroyid ciki, yana sirantar da fata har ya jawo hawan jinin ido, sinadarin bilicin na haidirokwinon kuma in aka daɗe a kai baƙin da yake bari ya fi na farko wuyar fita. In ido ɗaya ne kawai ya yi ko kuma akwai ƙaiƙayi, ki wuce asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ki ga likitan fata.