Takardar maki ko littafin awo: wanne ya dace da janaretan asibiti?

"An ɗora mini kula da janaretan asibitinmu, mai kVA 250. Wani ya ba ni takarda mai jerin abubuwa, a duba a sa maki kawai. Wani kuma ya ce littafi zan buɗe ana rubuta awo da matsaloli. Wanne ya fi, kuma me zan sa a layukan?"

Ɗan'uwa, takardar maki tana da amfani guda da ba a raina mata: sauri. Mai aikin dare da bai yi karatun lantarki ba zai iya bin ta cikin minti biyar, kuma tana hana mantuwa. Akwai abubuwan da amsarsu i ko a'a ce, su kam maki ya ishe su: ko akwai yoyon gas ko baƙin mai a ƙasan inji, ko ruwan lagireto ya kai alamarsa, ko fanbel ya tsage, ko alamar filtar iska ta koma ja (lokacin hunturu wannan na kullum ne), ko an tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas. Sai babbansu, wanda nake so ya zama layin ƙarshe kafin sa hannu: an bar allon sarrafa inji a kan AUTO? Makaniki yakan mayar da shi STOP don ya yi aiki, ya tafi ya manta. Inji lafiya lau, amma a ɗauke wuta ya ƙi tashi.

Inda takardar maki take gazawa shi ne duk abin da ke lalacewa a hankali. Maki yana cewa "na duba", ba ya faɗin abin da aka gani. Bari in nuna maka da batir, don shi ne ya fi yawan hana janaretan jiran ko-ta-kwana tashi.

A ce injinka na batir biyu ne, bolt 24. Idan wutar gari tana nan kuma caja na aiki, allon zai nuna wajen bolt 27 zuwa 27.6. Ga mako huɗu na irin wannan inji a tsari biyun:

| Mako | Takardar maki | Batir a hutu | Batir lokacin tayarwa |
|---|---|---|---|
| 1 | ✓ | 27.3 | 21.5 |
| 2 | ✓ | 25.6 | 20.5 |
| 3 | ✓ | 25.0 | 19.0 |
| 4 | ✓ | 24.4 | 17.5 |

Mai sa makin bai yi ƙarya ba, domin duk makon inji ya tashi da aka gwada shi. Amma wanda ya kalli littafin awo zai tsaya tun mako na biyu. Faɗuwa daga 27.3 zuwa 25.6 ba tsufan batir ba ne, alama ce cewa caja ta daina ba shi wuta, allon sarrafawa kuma yana ta tsotsarsa dare da rana. Gajeren gwajin mako bai isa ya mayar da abin da aka zuƙe ba. A mako na biyar sai wuta ta ɗauke, sitata ta juya sau uku da ƙyar, allo ya rubuta `Fail to Start`, ana tsakiyar aiki a tiyata.

Don haka duk abin da ake aunawa, a rubuta adadinsa, kuma a buga iyakar da ta dace a saman layin tun daga wurin mai buga takarda, yadda mai cikewa zai gane da kansa idan an fita hanya. Ban da batir, layukan awo da nake sawa su ne awannin inji daga mita, litar gas a tanki, bolt na layuka uku (wajen 400 zuwa 415), mitar wuta 50 Hz, nauyin da ya ɗauka da kilowat, zafin ruwa, ƙarfin bugun baƙin mai, da daƙiƙa nawa ATS, wato na'urar da ke juya asibiti daga wutar gari zuwa janareta da kanta, ya ɗauka kafin wuta ta dawo. Iyakar zafi da ta mai, ka kwafo su daga littafin kamfanin injin, kada ka ari na wani inji. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 110 ta tanadi dubawa kowane mako, gwaji da kaya kowane wata na aƙalla minti 30 a kan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin inji, da dawowar wuta cikin daƙiƙa 10 ga sassan da rai ya dogara da su. Naka kVA 250 kusan kilowat 200 ne, wato gwajin ya kai kilowat 60. Tayar da shi babu kaya kullum yana tara ɗanyen gas a salansa, shi ya sa layin kilowat ba ado ba ne. Juyen mai kuwa da awanni za ka bi, galibi 250 ko 500 gwargwadon inji, tunda a nan namu janaretan "jira" yakan yi aikin yini.

Yanzu batun matsala da gyara, inda tsarin biyu suka fi rabuwa. Takardar maki takan ƙare da ɗan gurbi guda na ƙarin bayani. A nan ake rubuta "batir ya yi sanyi, an gyara", a jefa takardar cikin fayil, magana ta mutu. Wa ya gyara, me ya taɓa, an gwada bayan gyaran? Babu mai sani. Ni ina ware wa matsaloli shafuka nasu a bayan littafi, kowace da lambarta, a takardar dubawa kuma a rubuta lambar kawai. Ga yadda matsalar batirin nan za ta zauna a shafin:

Lamba: 07. Rana, lokaci da awannin inji: a cike daga mita.
Abin da aka gani: batir a hutu 25.6, makon jiya 27.3, fitilar caja a mace.
Inji zai iya ɗaukar asibiti yanzu? E, amma da haɗari.
Wanda aka sanar, da lokacin: injiniya da shugabar tiyata.
Matakin gaggawa: an jona cajar waje.
Musabbabi: fis ɗin caja ya ƙone, wayarsa ta goge a jikin ƙarfe.
Gyara: an sauya waya da fis, an ɗaure wayar nesa da ƙarfen.
Kayan da aka sa: fis 1, waya mita 2.
Gwaji bayan gyara: 27.4 bayan awa 24. An katse wutar gari, ATS ya sauya cikin daƙiƙa 9.
Wanda ya gyara, wanda ya rufe: sa hannu biyu.

Ka lura na raba "abin da aka gani" da "musabbabi". Idan aka haɗa su, mai aiki zai rubuta zatonsa, "batir ya mutu", a sayo sabo da kuɗi mai yawa, shi ma ya zube cikin wata guda tunda caja ce ba ta aiki. Haka matakin gaggawa daban yake da gyara. Cajar waje ta tsare daren, amma matsalar a buɗe take har sai an cike layin gwaji. Kuma wanda ya yi gyaran ba shi zai rufe ba, ko da kuwa ɗan kwangila ne mai takardu.

Littafin awo yana da nasa aibin. Ya fi cin lokaci, kuma malalaci zai riƙa kwafe adadin jiya. Gane shi ba wuya: idan ka ga awanni sun ƙaru amma gas bai ragu ba, daga kan kujera aka cike shi. Maganinsa ka riƙa zuwa da kanka sau ɗaya a mako, ka gwama littafin da tarihin ƙararrawa da allon yake ajiyewa.

Shawarata: shafi guda na kullum, rabin sama maki, rabin ƙasa awo, da ƙaramin gurbi na lambar matsala. Littafin ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi don kada a yage, a rubuta da biro, a ajiye shi a ɗakin inji. Kowace Litinin ka ƙirga matsalolin da ba a rufe ba, ka kai wa shugaban asibiti jerinsu da kuɗin da kowace take jira.