CRC-8, CRC-16 ko CRC-32: Tsawon Saƙonka Ne Zai Zaɓa Maka

Duk wanda zai haɗa na'urori biyu su riƙa aika wa juna bayanai, ta waya ko ta rediyo, sai ya yanke shawarar abin da zai liƙa a ƙarshen kowane firam, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa a tashi ɗaya, domin mai karɓa ya gane ko saƙon ya lalace a hanya. Da yawa sukan ɗauki CRC-32 kawai saboda sun fi jin sunansa, wasu kuma su ɗauki CRC-8 don tsimin wuri. Kafin ka bi sahun ɗayansu, fara auna tsawon firam ɗinka, domin a nan kowane CRC yake da iyakarsa.

Dabarar, wadda W. Wesley Peterson ya gabatar a 1961, lissafin rabawa ce. Mai aikawa da mai karɓa suna yarda da wata lambar rabawa guda. A ce saƙon shi ne `110101`, lambar rabawar kuma `1011`. Tunda tana da bit huɗu, ragowar za ta zama bit uku, don haka sai a ƙara sifili uku a ƙarshen saƙon a fara rabawa. Ba a ɗebewa irin ta makaranta, XOR ake yi: bit biyu masu kama da juna su ba da 0, masu bambanci su ba da 1, babu aro.

```
110101000
1011
 1100
 1011
  1111
  1011
   1000
   1011
     1100
     1011
      111
```

Ragowar ita ce `111`. Ita ake sawa a gurbin sifilan nan uku, a aika `110101111`. Mai karɓa zai raba abin da ya iso masa da `1011`, in ragowa ta fito sifili ya karɓa. To a ce bit na uku ya juye a hanya, abin da ya iso ya zama `111101111`. Ragowar yanzu `101` ce, sai a yar da firam ɗin, a nemi a sake aikowa idan tsarin ya tanadi haka.

Ga inda gizo ke saƙar. Juya bit na biyu da na ƙarshe a tare, saƙon ya zama `100101110`. Raba shi da `1011`, sifili za ka samu. Kurakurai biyu kacal, amma sun wuce salin-alin. Dalili kuwa, wannan lambar rabawa ba ta ganin kurakurai biyu da ke da tazarar bit bakwai a tsakaninsu, kuma firam ɗinmu bit tara ne. Da bai wuce bit bakwai ba, da hakan ba za ta taɓa faruwa ba. Kowace lambar rabawa tana da irin wannan tazara, kuma ita ce ainihin abin da kake saye idan ka ƙara faɗin CRC, wato yawan bit na ragowar, wanda shi ne 8, 16 ko 32 da ke cikin sunansa.

CRC-8 mai lambar rabawa `0x07`, wanda SMBus ke amfani da shi, yana kama kowane kuskure na bit ɗaya, biyu ko uku muddin bayanan ba su haura bit 119 ba, wato bayit 14. Ga na'urar auna zafi da ke aika bayit biyu ko huɗu, ya wadatar, kuma kuɗinsa bayit ɗaya ne tak. Amma da zarar firam ya kai bayit 20 ko 30, wannan tabbaci ya faɗi. Ban da haka, idan hayaniya ta dagula saƙo gaba ɗaya, kusan ɗaya cikin 256 na irin waɗannan gurɓatattun zai dace da ragowar ya shige. A layin da ke yawan samun tsaiko, wannan ba ƙaramin adadi ba ne.

CRC-16 shi ne tsaka-tsaki, kuma a ganina shi ya dace da yawancin ƙananan na'urori. Lambobinsa biyu da suka fi yaɗuwa, `0x1021` da `0x8005`, suna riƙe wancan tabbaci na kurakurai uku har bit 32,751 na bayanai, kusan bayit 4,000. Suna kuma kama duk kuskuren da adadin bit ɗinsa mara ne, da duk ɓarnar da ta taru wuri guda cikin bit 16 a jere. Modbus RTU, wanda firam ɗinsa ba ya wuce bayit 256, yana amfani da `0x8005`, ka ga yana can ƙasa da iyaka. Gurɓataccen saƙo na kan-mai-uwa-da-wabi kuwa, ɗaya cikin 65,536 ne ke tsira.

CRC-32 na Ethernet, `0x04C11DB7`, bayit huɗu yake ci. A firam mai bayit 1,518 ba a ko jin nauyinsa, amma a saƙo mai bayit huɗu ya ninka abin da za ka aika, wanda ke nufin ƙarin cin batir a na'urar rediyo. Tabbacinsa na kurakurai uku yana kaiwa bit 91,607, fiye da bayit 11,000. Sai dai idan sabon tsari kake ginawa kuma ba dole ka yi magana da Ethernet ko fayilolin ZIP ba, duba CRC-32C, `0x1EDC6F41`, wanda iSCSI da SCTP da Btrfs suka ɗauka. Faɗinsu ɗaya, amma shi yana kama kurakurai har biyar a saƙon da bai wuce bit 5,243 ba, alhali na Ethernet yana iya hakan ne zuwa bit 268 kawai. Masarrafan da ke da SSE4.2 ma suna da umarnin `crc32` da ke lissafa shi kai tsaye. Kada sunan umarnin ya ruɗe ka, ba na Ethernet yake fitarwa ba.

Batun ma'adana bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Lissafi da tebur mai gurbi 256 yana cin bayit 512 ga CRC-16, bayit 1,024 ga CRC-32. In wuri ya yi ƙaranci, a lissafa bit bayan bit, a haƙura da jinkirin.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne suna. Takardar na'ura ta ce "CRC-16" ko "CCITT", kai ma ka ɗauko lambar shirin da ke da wannan suna, amma kowane firam sai a ƙi shi. Lambar rabawa kaɗai ba ta isa ba. Akwai ƙimar da ake farawa da ita, akwai ko ana juya jerin bit na kowane bayit, akwai XOR na ƙarshe, sannan wane bayit na ragowar ake fara aikawa (Modbus ƙaramin yake sawa gaba). Hanyar tantancewa ita ce ka lissafa CRC na rubutun `123456789`. Da lambar `0x1021` guda ɗaya, XMODEM yana ba da `0x31C3`, KERMIT `0x2189`, wanda ke farawa da `0xFFFF` ba tare da juyi ba kuma `0x29B1`. Na Modbus `0x4B37` ne, na Ethernet `0xCBF43926`. In amsarka ta dace amma na'urar tana ƙin karɓa, duba jerin bayit ɗin ragowar, ko kuma wane ɓangaren firam ake sawa cikin lissafin.

Idan zaɓin ƙimar farawa a hannunka yake, guji sifili. CRC da ya fara da sifili ba ya lura idan an ƙara ko an rage bayit na sifili a farkon saƙo, domin sifilan gaba ba sa canja ragowa. Shi ya sa Modbus da Ethernet suke cika rijistar da 1 kafin su fara.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke kare ka daga mai ganganci. Wanda ya sauya saƙo da niyya zai sake lissafa ragowar ya liƙa, mai karɓa ya ga sifili ya amince. Idan barazanarka mutum ne ba hayaniyar layi ba, abin da kake buƙata shi ne lambar tantancewa mai mabuɗin sirri, irin HMAC, a bar wa CRC aikinsa na kama ɓarnar hanya.