Lambar Sigar Ƙa'ida Kaɗai, Ko Cikakken Kwafinta?

Masu gina manhajojin tantance masu neman rance a nan Katsina sun sha tambayata: idan manhaja ta yanke hukunci, bayan an adana bayanan da aka shigar da lokacin yankewa, shin lambar sigar ƙa'ida ta wadatar, ko a ajiye ƙa'idar gaba ɗaya?

Adana lambar kaɗai, misali `rule_version`, ba ya cin wuri, kuma yana sauƙaƙa tattaro duk hukuncin da siga ɗaya ta yanke. Haɗarinsa yana wajen amana. A ce ƙungiyar adashi ta hana wani ɗan kasuwa rance saboda siga ta 4 tana buƙatar ajiyar wata shida, shi kuwa wata biyar gare shi. Daga baya wani ya mayar da sharaɗin wata uku ba tare da sauya lambar ba. Ranar da mai bincike ya sake gwada bayanan, manhajar za ta amince, rajista kuma tana cewa an ƙi, kuma babu mai iya bayyana dalili. Wannan saɓanin shi ne alamar an taɓa ƙa'idar, kuma shi ya fi damuna, domin haƙƙin mutum ne. Maganinsa a kulle kowace siga, a haɗa lambar da zanen yatsanta na `SHA-256`, wanda ke sauyawa ko harafi ɗaya aka taɓa.

Cikakken kwafi kuwa yana kare kansa ko da ma'ajiyar ƙa'idoji ta ɓace, sai dai rajistar tana kumbura da maimaici.

Wanda ke yanke hukunci dubbai a rana, kuma yake kulle sigoginsa, lamba ta ishe shi. Ƙaramar ƙungiya mai gajerun ƙa'idoji da ake yawan gyarawa da hannu, kwafin ya fi dacewa da ita.